Idan Waya Ta Cika: Zaɓen Ma'ajiyar Intanet da Kwafe Hotuna Kai Tsaye

Ma'ajiyar intanet wuri ne da kamfanoni irin su Google, Apple da Microsoft suke ware wa mutum a cikin manyan kwamfutocinsu, domin ya ajiye hotuna da bidiyo da takardu, ya kuma buɗe su daga kowace waya muddin yana riƙe da imel ɗinsa da kalmar sirri. Idan aka kunna kwafewa kai tsaye, duk hoton da aka ɗauka wayar za ta tura kwafinsa can da kanta, ba sai an taɓa komai ba. Galibin mutane ba sa waiwayar wannan tsari sai ranar da kyamara ta ƙi ɗaukar hoto, ko WhatsApp ya ƙi buɗe saƙon murya, wayar ta fito da sanarwar cewa wuri ya ƙare. A irin wannan rana ne aka fi yin asarar hotuna, domin gaggawa takan sa a share abin da ba a riga an tura ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, kunna kwafewa ba ya rage ko megabait ɗaya daga nauyin waya. Abin da yake yi kawai shi ne samar da kwafi na biyu a intanet. Wuri ba ya samuwa sai an cire kwafin da ke cikin wayar, kuma wannan mataki ne na daban, mai hanyarsa da haɗarinsa. Saboda haka aikin yana da jeri: a duba abin da ya cinye wurin, a zubar da tarkace, a zaɓi ma'ajiya, a tura, a tabbatar ya isa, sannan a cire na cikin waya. Wanda ya tsallake tabbatarwa ya rungumi sharewa, shi ne yake yin kuka daga baya.

Abin da ya cinye wurin

A jikin kwalin waya akan rubuta lambobi biyu, misali 3 da 32, ko 4 da 64. Ƙaramar lambar ita ce RAM, wato wurin da manhajoji suke aiki a lokacin da aka buɗe su, kuma ba a ajiye hoto a ciki. Babbar ita ce ma'ajiyar wayar, ita ce kuma take cika. Ko da wayar sabuwa ce fil, ba a samun dukkan abin da aka rubuta, domin tsarin Android da manhajojin da kamfani ya saka tun daga masana'anta sun riga sun kwashe kaso mai tsoka. A wasu wayoyin Tecno da Infinix akwai kuma tsarin da yake aron wani ɓangare na ma'ajiya ya ƙara wa RAM. Kashe shi yakan dawo da wurin da ya ara, kuma ga wayar da ta cika maƙil wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Domin ganin yadda wurin ya kasu, sai a shiga “Settings”, sannan “Storage”. A ɗauki misalin wata mai ɗinki da ke riƙe da waya mai GB 32, wadda take ɗaukar hoton kowane ɗinki kafin ta miƙa wa mai shi. Tsarin wayar ya ci GB 10, manhajoji da kayan cikinsu sun ci GB 8, WhatsApp shi kaɗai ya ci GB 7. Hotunan kyamara 1,500 ne, kowanne kimanin MB 3, sun tashi GB 4.5. Bidiyon biki da na suna, jimillar minti 20, ya ci GB 2, domin bidiyo mai kyau na 1080p yakan ci MB 100 ko fiye a minti guda. Idan aka haɗa, an sami GB 31.5, saura rabin gigabait.

Wannan lissafi ya nuna abin da sau da yawa ido ba ya kai wa. Hotuna da bidiyon da matar ta ɗauka da hannunta, waɗanda in sun ɓata ba su da madadi, GB 6.5 ne kacal. WhatsApp ya fi su nauyi, alhali mafi yawan abin da ke cikinsa kayan zaure ne da aka yi ta turowa: gaisuwar Juma'a, guntayen wa'azi, barkwanci, tallan atamfa, da bidiyo guda da ya shigo ta zauruka uku. Tura irin waɗannan zuwa ma'ajiyar intanet ɓarnar data ce da ɓarnar wuri.

Shara kafin ajiya

Wayar da ta rage da rabin gigabait ba ta iya aikin turawa yadda ya kamata. Manhajar hotuna tana buƙatar ɗan fili na aiki, sau da yawa kuma tana buƙatar sabuntawa daga Play Store, wanda yakan ƙi saukewa idan wuri ya yi ƙaranci. Don haka ana farawa da samar da aƙalla GB 1 zuwa 2 daga abin da ba a buƙata.

Hanya mafi sauri tana cikin WhatsApp. A shiga “Settings”, a zaɓi “Storage and data”, sannan “Manage storage”. A nan manhajar ta ware fayilolin da suka haura MB 5 a rukuni ɗaya, waɗanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu a wani rukunin, sannan ta jera zauruka da mutane bisa nauyin abin da kowanne ya ajiye a wayar. A misalin mai ɗinki, zauruka biyu ko uku na sama za su iya ɗauke da GB 4 cikin bakwai ɗin. A wannan shafi na “Storage and data” akwai kuma “Media auto-download”. Idan aka cire alamar bidiyo da hoto a wurin, babu abin da zai sauka sai wanda aka taɓa da hannu, kuma wannan gyara guda yana hana wayar sake cika fiye da duk wata dabara.

Manhajar Files by Google tana da shafin “Clean” da ke nuna fayiloli masu maimaici, manyan fayiloli da manhajojin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ita abin dogaro ce fiye da manhajojin share-share masu yawan talla, waɗanda su kansu wuri suke ci. Sai dai akwai maɓallai biyu da ake rikitawa a bayanin kowace manhaja. “Clear cache” yana zubar da ajiyar wucin gadi ne kawai, ba ya taɓa komai mai muhimmanci. “Clear data” ko “Clear storage” kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta, kuma idan aka danna shi a kan WhatsApp ba tare da ajiyar hira ba, ana iya rasa hirarrakin gaba ɗaya. Bayan an gama shara, a leƙa kwandon shara na manhajar hotuna ta wayar, domin abin da ke cikinsa yana nan riƙe da wurinsa har sai an zubar.

Wace ma'ajiya

Zaɓin ya fi dogara ga irin wayar da ke hannu. Ga mai Android, wato mafi yawan masu Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung, Google Photos ce ta fi kusa, domin asusun Gmail da aka buɗe wayar da shi ya riga ya zo da GB 15 kyauta. Apple yana ba masu iPhone GB 5 a iCloud, Microsoft yana ba da GB 5 a OneDrive, Dropbox GB 2, MEGA kuma GB 20. Ita MEGA tana kulle fayiloli ta yadda ko kamfanin ba ya iya buɗe su. Wannan kariya ce mai ƙarfi, amma wanda ya manta kalmar sirri kuma bai adana makullin dawo da asusu ba, babu mai iya buɗe masa hotunansa.

GB 15 na Google ba na hotuna kaɗai ba ne. Gmail da Google Drive da Google Photos duka daga tukunya ɗaya suke ci. Daga 2015 da aka ƙaddamar da Google Photos har zuwa ƙarshen watan Mayun 2021, ana iya tura hotunan da aka ɗan matse ba tare da iyaka ba, amma daga 1 ga Yunin 2021 duk sabon abin da aka tura ana lissafa shi. Haka kuma daga farkon 2024 ajiyar hirar WhatsApp ta masu Android ta shiga cikin lissafin. Shi ya sa mutum zai iya buɗe Google Photos karon farko ya tarar da rabin wurinsa ya riga ya tafi. Kafin a tura komai, a buɗe one.google.com/storage a ga yadda aka kasa wurin.

A koma ga mai ɗinki. A ce Gmail ya ci mata GB 1, ajiyar WhatsApp ta ci GB 4, saura GB 10. Idan ta tura hotuna da bidiyonta na GB 6.5 a ainihin girmansu, za ta rage da GB 3.5. A ce a kowane wata tana ɗaukar hoto 100 da bidiyon minti 5, wato kimanin MB 800. Wurin da ya rage ba zai wuce wata huɗu da 'yan kwanaki ba. Idan kuwa ta shiga “Chat backup” a WhatsApp ta kashe “Include videos”, ajiyar ta sauko zuwa GB 1.5, to wurin da ya rage zai koma GB 6, ya kai ta wata bakwai da ɗoriya. Wannan lissafin na wata-wata shi ne ainihin ma'aunin zaɓi. Girman kyautar da kamfani ya yi talla da ita ba ya gaya wa mutum komai sai ya san nawa yake ɗauka a wata.

Akwai hanyar tsawaita wa'adin ba tare da biyan kuɗi ba. Google Photos tana da inganci iri biyu. “Original quality” yana ajiye hoto yadda kyamara ta ɗauke shi. “Storage saver” yana matse shi, yana rage duk hoton da ya haura megafiksel 16 zuwa 16, bidiyon da ya haura 1080p kuma ya mayar da shi 1080p. A allon waya da wuya ido ya gane bambancin, kuma ga hotunan iyali da na sana'a da za a tura wa kwastoma ta WhatsApp, wannan ya wadatar. Mai ɗaukar hoton biki da zai wanke babban hoto na bango shi ne ke buƙatar na asali. A tuna cewa matsewar ba ta komawa baya: idan aka tura a “Storage saver” sannan aka cire na cikin waya, ainihin hoton ya tafi ke nan.

Idan lissafi ya nuna kyautar ba za ta kai shekara ba, to biyan kuɗi ya fi wahalar share-share kowane mako. Google One yana da tsarin GB 100, ana kuma iya raba wurin da mutum biyar na iyali ba tare da wani ya ga hotunan wani ba. A yadda mai ɗinki take ɗauka, GB 100 zai kai ta kimanin shekara tara. Ƙaramin tsarin iCloud na biya GB 50 ne. Abin lura shi ne, haya ce ta wata-wata ko shekara-shekara, kuma katin banki na gida ba kullum yake shiga a biyan kamfanonin waje ba. Idan biya ya tsaya alhali abin da ke ciki ya haura GB 15, hotunan ba sa ɓacewa nan take, amma turawa takan tsaya, Gmail kuma ya daina karɓa da aika saƙo. Ƙa'idar Google ta ce wanda ya zauna sama da iyakarsa har shekara biyu, ana iya share masa kayansa.

Wasu suna tura hotuna zuwa “Saved Messages” na Telegram a matsayin ma'ajiya. Yana aiki a matsayin kwafi na ƙari, amma ba ya tura komai da kansa, yana matse hoton idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba, kuma asusun yana share kansa idan aka daɗe ba a shiga ba. Manhajojin da ke alƙawarin terabait guda kyauta kuwa, da talla da jinkirin saukewa suke fanshe kuɗinsu, kuma bai dace a miƙa musu kwafi ɗaya tilo na hotunan iyali ko takardun shaida ba.

Kunna turawa ba tare da data ta ƙone ba

Manhajar hotuna da ta zo da waya, wadda aka fi sani da “Gallery”, a yawancin ƙananan wayoyi nuna hoto kawai take yi, ba ta tura shi ko'ina. Google Photos ce mai turawa. A buɗe ta, a taɓa hoton asusu da ke sama ta dama, a shiga “Photos settings”, sannan “Backup”, a kunna. A nan take a duba imel ɗin da aka nuna, domin wayar da ke da asusu biyu ko uku tana iya turawa zuwa wanda ba shi ake nufi ba. Sannan a zaɓi inganci.

Da farko abin da ke cikin foldar kyamara kaɗai take turawa. Hotunan WhatsApp, hotunan allo da abin da aka sauke daga intanet suna wasu foldoji, kuma sai an kunna kowacce a “Back up device folders”. Kunna foldar hotunan WhatsApp gaba ɗaya kuskure ne ga yawancin mutane, domin duk tarkacen zaure zai bi ta can ya cika ma'ajiyar. Abin da ya fi shi ne a zaɓi hotuna masu muhimmanci da suka shigo ta WhatsApp, kamar rasit, takardar asibiti ko hoton jariri da 'yan'uwa suka turo, a tura su da hannu ta “Back up now”.

Sai batun data. Tura GB 6.5 yana cin data kusan daidai da hakan, kuma yana ɗaukar lokaci, domin saurin turawa a layin waya ya kan gaza na saukewa nesa ba kusa ba. Idan layin yana tura megabit 2 a daƙiƙa, GB 6.5 zai ɗauki sa'a bakwai da 'yan mintuna. Saboda haka turawar farko ta fi dacewa da Wi-Fi na ofis, makaranta ko gida, ko kuma datar dare mai rahusa da kamfanonin layi suke sayarwa, a raba aikin kwana biyu ko uku, wayar tana jone da caji. A shafin “Mobile data usage” ana iya hana amfani da datar layi kwata-kwata, ko a ƙayyade abin da za a ci a rana, kamar MB 10 ko MB 30, ko a sake shi babu iyaka. Ga wanda ba ya samun Wi-Fi, tsari mai kyau bayan turawar farko shi ne a bar hotuna su riƙa tafiya a kan MB 30 a rana, a kashe tura bidiyo ta datar layi, a tara shi sai an sami mai araha. MB 30 ya ishi hoto goma masu nauyin MB 3, kuma ba kowa ke ɗaukar fiye da haka kullum ba.

Akwai matsalar da ta fi addabar wayoyi masu tsananin tattalin batir. Tsarin wayar yakan kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage da zarar allo ya mutu, sai turawa ta tsaya ba tare da wata sanarwa ba. Alamar ita ce adadin hotunan da suka rage ba ya raguwa sai lokacin da aka buɗe manhajar. Maganin shi ne a shiga bayanin Google Photos a “Settings”, a ɓangaren batir a zaɓi “Unrestricted” ko abin da ya yi daidai da shi a irin wayar, a kuma kashe yanayin tattalin batir da na tattalin data har a gama. A lokacin turawar farko, barin manhajar a buɗe a kan allo yana hanzarta aikin sosai.

Tabbatarwa, sannan cirewa

Idan aka taɓa hoton asusu, manhajar tana faɗin halin da ake ciki. “Backup complete” yana nufin an gama. “Waiting for Wi-Fi” yana nufin tana jiran Wi-Fi domin an hana ta datar layi. “Backup is off” yana nufin ba a kunna ba, ko wani ya kashe. Hoton da bai tafi ba yakan ɗauki 'yar alamar gajimare da aka ratsa da layi a gefensa. Duk da haka, shaida mafi ƙarfi ita ce a buɗe photos.google.com a kwamfuta ko a burauzar wata waya, a shiga da imel da kalmar sirri, a duba tsofaffin hotuna da sababbi, a kunna bidiyo biyu ko uku a ga suna tafiya har ƙarshe, sannan a fita daga asusun idan na'urar ta wani ce. Wannan gwaji yana tabbatar da abu biyu a lokaci guda: hotunan sun isa, kuma mai su ya san kalmar sirrinsa.

Yanzu ne ake cire na cikin waya, kuma a nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa. Abin da ake gani a Google Photos kamar madubi yake tsakanin waya da intanet: idan aka danna alamar kwandon shara a kan hoto, yana ɓacewa daga wayar da ma'ajiyar baki ɗaya. Mutane da yawa sun tura hotunansu lafiya lau, sannan suka zaɓe su duka suka danna kwandon da nufin samun wuri, suka share kwafi biyun da hannunsu. Maɓallin da aka tanada domin wannan aiki shi ne “Free up space”, wanda ke ƙarƙashin hoton asusu. Shi yana lissafa abin da ya riga ya isa ma'ajiya ne kawai, ya nuna yawan wurin da za a samu, sannan ya cire kwafin wayar ya bar na intanet. Ga hoto ɗaya ko kaɗan akwai “Delete from device”. Wanda ya riga ya yi kuskuren yana da sauran dama, domin hoton da aka tura yana zama a kwandon shara na Google Photos kwana 60, wanda ba a tura ba kuma kwana 30.

A misalin mai ɗinki, shara ta dawo mata da GB 4 daga WhatsApp, “Free up space” ya dawo da GB 6.5, wayar da ta rage da rabin gigabait ta koma tana da GB 11. Amma akwai abin da ta bayar a madadi. Hotunan ba za su ƙara fitowa a “Gallery” ba, kuma buɗe su da cikakken haskensu yana buƙatar sabis da data. Idan kwastoma ta zo shago tana son ganin samfurin ɗinki a ranar da sabis ya ɗauke, za a sha kunya. Dabarar ita ce bayan an gama, a sake sauke hotuna 50 ko 100 da ake yawan nunawa ta “Download”, a kuma sani cewa duk ranar da aka sake danna “Free up space” zai iya kwashe su.

Tsarin iPhone ya ɗan bambanta. A iCloud Photos ba a share komai da hannu. Ana zaɓar “Optimize iPhone Storage”, sai wayar ta riƙa ajiye ƙananan kwafi, ainihin hotunan kuma su zauna a iCloud. Duk hoton da aka share a wayar ya sharu a iCloud, yana kuma zama a “Recently Deleted” kwana 30. Tun da GB 5 ba ya kai ko'ina, wasu masu iPhone sukan haɗa da Google Photos. Wanda ya yi haka ya sani cewa “Free up space” zai cire hotunan daga iPhone, iCloud kuma zai bi sahu ya cire nasa, a wayi gari kwafin Google kaɗai ya rage.

Makullin ma'ajiyar

Bayan an cire na cikin waya, hotunan sun koma wuri ɗaya, kuma imel da kalmar sirri su ne kaɗai hanyar shiga. A kasuwannin waya al'ada ce mai shago ko wani yaro ya buɗe wa mai saye Gmail a tsaye, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, wani lokaci ma da lambar wayarsa. Irin wannan asusu ba wurin ajiyar hotunan iyali ba ne. Mai wayar ba zai iya shiga ba idan ta faɗi ko aka sace, wanda ya buɗe kuwa yana iya ganin duk abin da aka tura, har da hotunan cikin gida da ba a so bare ya gani. Kafin a kunna turawa, a canza kalmar sirri a myaccount.google.com, a sa lambar waya da imel na dawo da asusu waɗanda suke hannun mai wayar, a rubuta kalmar a takarda a adana a gida. Lambar ta zama wadda ake amfani da ita kullum, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Tun daga Disamban 2023 kuma Google yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke cikinsa.

Katin memori yana da amfani a nan, idan wayar tana karɓarsa. Shi kaɗai ba ajiya ba ce, domin yana tafiya tare da wayar ranar da aka sace ta, yana lalacewa ba sallama, kuma kasuwa cike take da na jabu masu nuna GB 64 alhali abin da suke ɗauka bai kai haka ba. Ana gane na jabu idan hotunan da aka zuba daga baya suka ƙi buɗewa ko suka fito rabi da rabi. Amma a matsayin kwafi na biyu, kati mai kyau ko kwamfuta ko filashi yana rufe giɓin da ma'ajiyar intanet ta bari. Lokacin yin wannan kwafi shi ne kafin a danna “Free up space”, sa'ad da ainihin hotunan suke cikin waya kuma kwafe su ba ya cin data ko kaɗan. Wanda ya riga ya wuce wannan mataki zai iya sauke dukkan hotunansa ta takeout.google.com, sai dai zai biya datar saukewar daidai da nauyinsu.